Hira da Ɗiyan Makaranta don Bincike: Sauya Suna Bai Ɓoye Yaro

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. A bar tagar can buɗe, zafin Sakkwato bai san ana lacca ba.

Abu huɗu na zo da su, kuma duk sun shafi ku da za ku shiga makarantu da littafi da waya don yin hira da yara saboda furojet ɗinku. Na farko izini. Dokar 'Yancin Yara ta 2003 ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne. Ɗan aji uku na babbar sakandare mai shekara 17, ko ya fara gemu, ko ya fi ka tsawo, yaro ne a wanga lissafi. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ce in za ka tattara bayanan yaro, sai da yardar uba ko uwa ko mai riƙonsa. Saboda haka takardar da kunka karɓo daga ma'aikatar ilimi ƙofar makaranta kawai ta buɗe muku. Firinsifal ya ce "ku shiga, ɗiyanmu ne", mun gode, amma bai haife su ba. Sai kun je ga iyaye.

Kuma zuwa ga iyaye ba ba yaro fom na Turanci shafi uku ba ne ya kai gida. Kun san abin da ke faruwa: yaron ne zai zauna bakin hanya ya sa hannun babansa, wani ma ya fi baban iya sa hannun. (Dariya.) A rubuta da Hausa, da ajami ma in hali ya yi, a karanta wa mutum a gaban shaida wanda ba ɗan tawagarku ba, ya dangwala yatsa in bai rubutu. A kuma tambayi wa ke riƙon yaron, don sau da yawa ba uban ba ne, baffa ne ko kaka.

Sannan shi kansa yaron sai ya yarda. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, sashe na 12, ta ba yaro haƙƙin a ji ra'ayinsa a abin da ya shafe shi. Uba ya yarda, yarinya ta ce ba ta so, magana ta ƙare. Matsalar ita ce ɗiyanmu ba su cewa a'a ga babba, haka munka rene su. Za ta sunkuyar da kai, ta ja bakin hijabi, ta yi shiru. Malaman fiƙihu da ke nan, na san hukuncin shirun budurwa a babin aure, amma kada wanda ya ɗauko mini shi nan. (Dariya.) A bincike shiru ba yarda ba ne. Ni abin da nake yi, ina cewa: "Faɗa mini da bakinki, mi za mu yi yanzu? In kin gaji fa, mi za ki ce?" In ba ta iya maimaitawa ba, ba ta gane ba, sai in sake bayani. Kuma malamin aji ya fita kafin a yi wagga tambaya, don ba yaron da zai ƙi a gaban mai riƙe da bulala da makin jarrabawarsa.

To, na biyu, kuma shi ya kawo ni. Ɓoye suna.

Bari in fara raba muku abu biyu da kuke haɗawa. Ɓoye suna na gaskiya shi ne ko kai mai binciken ba ka san wa ya faɗi mi ba, kamar takardar tambayoyi da anka cika ba suna anka jefa a kwali. Riƙe sirri kuma shi ne ka sani amma ba ka faɗa. Duk wanda ya zauna gaba da gaba da yaro ya ga fuskarsa, ya ji muryarsa, to na farkon ya wuce shi. Sirri kawai ya rage gare ka. Amma sai in buɗe babi na uku na furojet in ga an rubuta wai ba wanda ya san waɗanda anka yi hira da su. Kai da ka yi hirar fa, aljani ne kai?

Ga abin da ya faru da wata ɗalibata, shekaru sun ja, kuma ba zan faɗi makarantar ba ko garin. Bincikenta kan abin da ke sa 'yan mata fashin makaranta ne. Yarinya mai ƙoƙari, ta bi kowace ƙa'ida, ta karɓi izinin iyaye, ta cire sunaye ta sa lambobi. Sai ta rubuta kamar haka: "Ɗaliba ta 7, shekara 15, aji uku na ƙaramar sakandare, monita ce a ajinsu, mahaifinta ya rasu, tana hannun baffanta, ta ce ranar kasuwa ba ta zuwa saboda talla, kuma wata malama na zaginta a gaban aji." Babu suna, ko? Ku duba da kyau, babu suna.

Yanzu mu yi lissafi tare. A ce makarantar na da yara 400. Ka ce aji uku, sun koma 120. Ka ce monita, azuzuwan uku ne, saura yara 3. Ka ce marainiya a hannun baffa, saura ɗaya. Kalma huɗu kawai, daga 400 zuwa ɗaya. Da ta rubuta sunan ma da ta huta da wahala.

Ita kuma don ladabi sai ta kai wa makarantar kwafin aikin a matsayin godiya. Ofishin malamai anka ajiye shi. Kafin a tashi ranar, malamar da anka ambata ta karanta shafin, kuma ba ta buƙaci kowa ya gaya mata wace ce Ɗaliba ta 7 ba. Yarinyar ta rasa monita, anka kira baffa, baffa ya ji ashe an kai maganar tallar gidansa cikin littafi. Sauran kuna iya cikewa da kanku. Ni na duba aikin nan, ni na sa hannu, ban gani ba. Idona yana kan sunaye, na ga babu su, na wuce. Har gobe abin na ci mini rai.

Ku riƙe wannan: ba baƙo kake ɓoye wa yaro ba. Wanda zai karanta aikinka a Ibadan bai san ta ba, ko ka sa hotonta. Wanda kake ɓoye wa shi ne malamar ajinta, da baffanta, da ƙawarta ta benci ɗaya. Mu kuwa garinmu kowa ya san kowa. Ka ce "gidan mai gyaran babur kusa da masallacin Juma'a", ai ka ba da adireshi.

To yaya ya kamata ta rubuta? Kowane bayani ka tambayi kanka, in na cire shi hujjata ta faɗi? Bincikenta kan fashi ne. Talla ranar kasuwa, dole ya zauna, shi ne sakamakon. Monita, mi ya haɗa shi da fashi? A cire. Shekara 15 ta koma "tsakanin 14 da 16". Baffa ya koma "mai riƙonta". Makaranta ta koma "wata makarantar 'yan mata a jihar Sakkwato", jiha mai ƙananan hukumomi 23, a je a nemo ta. Maganar malama kuma kada a rataya ta a wuyan yarinya ɗaya. In yara da dama sun faɗi irinta, ka ce wasu daga cikinsu sun koka da zagi, ka tsaya nan. A jadawali ma haka, masu ƙididdiga da yawa ba su nuna gurbin da mutanensa ba su kai biyar ba, sai su haɗe shi da na kusa. Kuma ku lura da karin magana da salon baki. Akwai yarinyar da duk aji ya san ita kaɗai ke cewa "wallahi tallahi" sau uku a jimla. Ka kwafo maganarta yadda take, ka nuna ta da yatsa.

Ga gwajin da nake sa ɗalibaina yi tun daga lokacin. Kafin ka buga, ka ɗauki shafin ka karanta shi kamar kai ne malamin ajin. In wata fuska ta faɗo maka a rai, ba ka gama ba. Kai malam mai jar hula, na ga kana murmushi, kana da irinsa a aikinka ko? Mu haɗu bayan lacca. (Dariya.)

Na uku, ko na huɗu ne? An ce saura minti biyar, bari in yi sauri. Wurin hira: inda ake ganinku amma ba a jinku. Ƙarƙashin dogon yaro a filin makaranta ya fi ofishin da anka rufe ƙofa, kuma ya kare ka kai ma. 'Yan mata, mace ta yi musu hira in da hali. Murya: kada ta kwana a wayar da kake bari a shagon caji, kada ka tura ta a WhatsApp, kada ka kai wa mai buga takardu a bakin titi ya saurara ya rubuta maka. Takardar da ta haɗa suna da lamba ta zauna daban da rubutun hirar, a kulle, in an gama a ƙone. Hirar taro kuma, yara shida a tabarma ɗaya, kada ka yi musu alkawarin sirri, don bakinka kawai kake iko da shi.

Akwai tambaya? Hajiya, bismillah.

(Wata malama daga cikin masu sauraro: "Malam, in na yi wa yarinya alkawarin sirri, sai a tsakiyar hira ta ce mini wani babba yana taɓa ta, in yi shiru ne ko in saɓa alkawari?")

Allah shi saka miki, Hajiya. Wannan ya kamata in fara da shi. Kuskuren tun wurin alkawarin yake. Kada ki taɓa ce wa yaro "ba wanda zai ji komai". Tun kafin tambaya ta farko ki ce: "Abin da kika faɗa mini ba zan kai wa malamanku ko gidanku ba, sai dai in kin faɗi abin da ya nuna ana cutar da ke ko wani yaro, to zan gaya wa wanda zai taimaka, kuma ke zan fara gaya wa." A sa wagga jimla a takardar iyaye ma. Kuma kafin ki shiga makarantar ki san wa za ki kai wa: malamar ba da shawara, ko jami'in jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, kun tsara da mai duba aikinki.

In abin ya faru, ki kashe na'urar ɗaukar murya. Kada ki koma ɗan sanda kina tambayar wane ne, yaushe, sau nawa, don yawan tambaya na ƙara mata ciwo kuma yana iya ɓata shaidar da masu aikin za su ɗauka daga baya. Ki saurari abin da ta faɗa da kanta, ki ce mata ba laifinta ba ne, ki rubuta kalmominta yadda ta faɗe su da kwanan wata, ki kai rahoto a ranar. Abu ɗaya ki kiyaye: kada ki kai maganar ga wanda ake zargi ko na kusa da shi. In a gida ne abin, ba gida za ki fara zuwa ba. In malami ne, ba ofishin malamai ba. Kuma wagga magana ba ta shiga furojet ɗinki, ko da lamba, ko ba lamba.

An kira salla, ko? To, mai jar hula, ka zo da babinka na huɗu bayan La'asar.