Kafin Ki Sayar da Sarƙarki

Shugaba, ka yi mini afuwa, rahoton kwamitin walwala zan dunƙule shi. Suna biyu muka halarta tun zaman da ya wuce, mun kai gaisuwar rasuwa ɗaya, kuɗin zauren walimar Sallah an biya rabi. Saura yana takarda, sakatare zai tura a waya. Wata magana ce ta hana ni barci makonni uku ke nan.

Wata 'yar'uwarmu da ke nan Birtaniya ta ba ni izinin in faɗi abin da ya same ta, ba tare da suna ba. Don Allah kada kowa ya fara waige-waige. Wasiƙa ta buɗe bisa kuskure, ta ga mai gidan haya yana neman hayar wata biyu, alhali duk ƙarshen wata tana tura wa maigidanta kasonta daga aikin kula da tsofaffi da take yi dare da rana. Da ta tsananta tambaya, sai mijin ya zube yana kuka: caca ce ta ƙwallo a waya, shekara biyu. A daren ta tattara sarƙarta da awarwaron da mahaifiyarta ta saya mata a Sabon Gari, ta sayar fam 2,500, ta damƙa masa ya biya bashi. Kwana tara kuɗin suka yi. Ya ce so ya yi ya ninka su ya fanso mata gwal ɗinta.

Ban kawo wannan don a zage shi ba. Mutum ne da ke sahun gaba a masallaci, ya san ayar Ma'ida da ta haɗa giya da caca kamar yadda kowa a nan ya sani. Amma wanda caca ta kama, duk kuɗin da ya shiga hannunsa jari ne na ramuwa. Shi ya sa nake roƙon ku mata, ranar da asiri ya tonu kada ki biya ko sisi, kada ki sa hannu a kan komai, sai kin ga lissafi da idonki.

Da muka zauna da ita muka baje wasiƙu a ƙasa, bashin ya kama fam 14,000. Ta ɗora hannu a ka. Na ce tsaya, mu raba shi gida biyu. A dokar ƙasar nan aure ba ya ɗora miki bashin miji. Abin da ke hawa kanki shi ne wanda sunanki ke ciki. Hayar gida fam 1,700, da sunansu biyu a yarjejeniya. Harajin kansila fam 600, wanda ma'aurata da ke gida ɗaya suke ɗauka tare. Sai fam 900 da ya ci fiye da abin da ke cikin asusunsu na haɗin gwiwa. Wannan fam 3,200 ke nan, kuma a irin wannan bashi ba a cewa rabi nawa rabi nasa, ana iya bin ki dukkansa. Sauran fam 10,800, wato katunan bashi, da rancen da ya ci shi kaɗai, da dubu ɗaya na adashi, nasa ne. Kun ga da ta san haka, kuɗin gwal ɗin nan da sun share haya da harajin kansila har da canji.

Haya da harajin kansila da wuta da gas su ne kan gaba, domin su ne ke raba mutum da muhalli ko su kawo ma'aikatan ƙwace kaya ƙofa. Masu katin bashi sun fi kowa yawan kira da wasiƙu masu jan rubutu, shi ya sa mutanenmu ke rugawa su fara biyansu. Kuskure ne.

Washegari muka buɗe mata asusu da sunanta ita kaɗai, albashinta da kuɗin yara suka koma can, haya kuma daga can take fita kai tsaye. Muka nemi rahoton bashinta daga kamfanonin da ke adana tarihin bashin mutane, wato Experian da Equifax da TransUnion, kyauta ne, don mu tabbatar ba a karɓi wani rance da sunanta ba ta sani ba. Alhamdulillahi babu. Da akwai, wannan zamba ce, kuma sai an sanar da masu rancen. Wata za ta ce ai wannan rashin biyayya ne. Wace biyayya? Ciyarwa da muhalli a wuyan miji suke. Hindu matar Abu Sufyan da ta kai ƙarar ƙwauron mijinta, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ba ta izinin ta ɗauki abin da zai ishe ta da 'ya'yanta gwargwadon al'ada. Balle ke da guminki kike tsarewa.

Sai maganar zama da shi. A gida da yanzu an kira kawunsa da wanta, an shimfiɗa tabarma a zaure, magana ta mutu kafin la'asar. Nan wa gare mu? Mu ne kawun, mu ne gwaggon. Ki zaɓi mutum ɗaya mai riƙe sirri wanda yake jin nauyinsa, ba dandalin wasaf na ƙungiya ba. Kuma kada rantsuwa ta ishe ki, domin ya rantse mata sau uku. A gabanki zai yi rajista da GamStop, wadda ke rufe masa duk shafukan caca masu lasisin Birtaniya, wata shida ko shekara ɗaya ko biyar. Shi zai yi da hannunsa, ba a yi wa wani. Ba ta rufe shagunan kan titi, su tsarinsu daban, kuma akwai shafukan waje da ba ta kai gare su, don haka a haɗa da kulle caca da yawancin bankuna suka sa a manhajarsu. Ya kuma yarda ki riƙa ganin shige da ficen asusunsa. Wanda ya ce ya tuba amma ya ƙi nuna waya, da saura.

Bashinsa kuwa ya kai shi StepChange ko Citizens Advice, ƙungiyoyin ba da shawara kan bashi, ba sa karɓar ko kwabo. Ta hannunsu ake samun Breathing Space, kwana 60 da ake dakatar da ruwa da matsin masu bin bashi a Ingila da Wales. Layin taimako kan caca, 0808 8020 133, kyauta ne dare da rana, kuma suna sauraron matar mai caca ko da shi ya ƙi kira. Idan kuma kin san mai ɗaga hannu ne, kada ki tare shi ke kaɗai. Ki fara kira na, in abin ya ɓaci ki kira 999.

Maza, ku ma ina da ƙorafi. Uku daga cikinku sun ranta masa, kowa ya yi shiru wai rufin asiri. Ya daina biyan kuɗin wata na ƙungiya tun bara, ya ɗauki adashi ya kasa zubi, ba wanda ya ce lafiya? Ma'aji ya ce mutum goma sha ɗaya ba su biya ba. Ban ce duk caca suke yi ba, Allah ya kiyaye, amma daga yau wanda ya yi wata uku shiru za mu kira shi mu ji.

Shugaba, ina neman a amince da abu ɗaya kafin a tashi: duk tallafin da asusun walwala zai bayar a irin wannan hali a tura shi kai tsaye ga mai gidan haya ko kansila, kada ya bi ta hannun kowa. Ita 'yar'uwar tamu saura fam 850 ta cike hayar, kuma wa'adin da aka ba ta ranar Juma'a ne. Kwano yana wajen ma'aji a bakin ƙofa.