Baturiya ta lissafa min miji, ashe ranar haihuwar ta hedimasta ce

Jama'a, yanzun nan na sauko daga aiki, ku yi haƙuri da iskar Manchester, kamar za ta tafi min da mayafi. Abin dariya ya same ni yau.

Lokacin hutu ina shan shayin fam uku mai kama da ruwan wanke kofi, wata Baturiya abokiyar aikina ta ji an sa min rana. Sai ta jawo takarda, wai za ta fitar min da lambar rayuwa. Ga yadda ake yi: wata daban, rana daban, shekara daban, kowanne ki yi ta haɗa alƙalumansa har ya koma guda ɗaya, sannan ki tara ukun. Ni 14 ga Yuli 1995 aka haife ni. Yuli 7 ne. 14 ta koma 5. Shekarar ta ba da 24, wato 6. Jimla 18, ta koma 9. Wai mai 9 akwai kyauta da tausayi. To, masu kirana ƙarshen wata daga Zariya za su shaida.

Ta ce kawo ta angon. Na karanto ta fasfo, 1 ga Janairu 1992. Ɗaya da ɗaya da uku, 5 ke nan. Fuskarta ta canza. Wai mai 5 ba ya zama wuri ɗaya, ɗan yawo ne, ba ya son a ɗaure shi. Ban yarda da abin ba, amma wallahi sai da gabana ya faɗi, don mutumin nan sati ba ya cika bai hau hanyar Abuja ba.

Sai na tuna. Wa aka haifa 1 ga Janairu? Rabin ajinsu! Hedimasta ne ya cike musu fom. Na kira shi, ya ce Baba ya rubuta a bayan wani littafi, 20 ga Agusta 1990, watan da Saddam ya shiga Kuwait. Muka sake: 8 da 2 da 1, ya ba da 11. Ta kusa faɗowa daga kujera. Wai 11, 22 da 33 ba a rage su, manyan lambobi ne. Ɗan yawo ya koma mai basira da zurfin tunani cikin minti goma.

Na ce mata mu ma muna da masu hisabi, sunanki da na mahaifiyarki suke lissafawa da abajada. Kuma Hajiyata da ta ji, hadisin sallar kwana arba'in za ta fara karanto min, duba ne a wurinta ko da turanci aka yi shi. Don haka ni dai kada wadda ta turo min ranar haihuwar saurayinta, kuma fam goma sha biyar ɗin da manhajar wayar Baturiyar ke nema na cikakken bayani, garin tuwo zan saya da su.

Ga bas ɗina nan, bari in ruga.