Kamfanin ya rufe, amma har yanzu ana cire maka kuɗi

Saƙon banki ya shigo wayarka: an cire kuɗi daga katinka. Ka duba sunan, sai ka ga na kamfanin nan ne da ka yi wa rajistar biyan wata-wata. Ka buɗe shafinsu, ba ya buɗuwa. Ka tura musu wasiƙar imel, ta dawo maka. Ka kira lambarsu, shiru. To wa ke karɓar kuɗin, kuma ta ina za a tare shi?

Ranar da ka shigar da lambar katinka ka amince a riƙa cire kuɗi duk wata, izini ka bayar, kuma izinin yana ajiye a na'urar kamfanin da ke sarrafa musu biyan kuɗi. Ba wani ma'aikaci ne ke zama yana danna maɓalli ba. Shi ya sa ko an kulle ofis an sallami kowa, na'urar tana ci gaba da aikinta har sai wani ya kashe ta. Kuɗin ma ba kai tsaye yake zuwa wurin kamfanin ba. Daga bankinka yake fita, ya bi ta hanyar Visa ko Mastercard, ya sauka a bankin da ke karɓar wa kamfanin kuɗi. Ka riƙe wannan banki na biyu a ranka, za mu dawo kansa.

Kafin komai, karanta sunan da ke jikin cirewar a bayanan asusunka, baƙi bayan baƙi. Idan ka ga ya fara da PAYPAL, ko GOOGLE, ko APPLE.COM/BILL, ka huta, domin ta hannun ɗaya daga cikinsu ka yi rajistar. Shiga asusunka na can, nemi jerin abubuwan da kake biya a kai a kai, ka soke. Ba ka buƙatar kamfanin ya amsa maka.

Idan kuwa wani baƙon suna ka gani, kuma adadin kuɗin da ranar cirewar sun yi daidai da na da, wataƙila sayar da kamfanin aka yi. A irin wannan ciniki, masu rajista suna cikin abin da aka saya, kuma yarjejeniyar nan da muke danna "na amince" ba tare da mun karanta ba galibi ta halatta hakan. Nemi sunan sabon mai shi, ka soke a wurinsa. Nan ne mutane ke yin kuskure: su tare kuɗin a banki su yi shiru, alhali yarjejeniyar tana nan da ranta, sai bashi ya taru, wata rana masu karɓar bashi su aiko da takarda.

Saboda haka, ko da ka tabbata babu mai karantawa, ka rubuta saƙon sokewa. Gajere ya isa: sunanka, lambar rajistarka, da cewa daga yau ka soke kuma ka janye izinin cire kuɗi daga katinka. Tura shi ga duk adireshin da kake da shi. In ya dawo, kada ka goge, domin saƙon da ya dawo shi ne shaidarka. Ɗauki hoton shafin da ya mutu, ka rubuta ranar da lokacin da ka kira waya. Banki zai tambaye ka ko ka nemi kamfanin tukuna, kuma "wallahi na neme su" ba ta shiga fom.

Yanzu sai banki, kuma buƙatu biyu za ka kai, kada ka bari a haɗe maka su. Ta farko, a toshe duk wata cirewa ta gaba daga wannan kamfani. Ta biyu, a dawo da abin da aka riga aka cire. Wannan ta biyun, a fom ko a manhajar banki za ka ga an rubuta ta da sunan dispute ko chargeback.

Mai yiwuwa ma'aikacin banki ya ce maka, "Ai sai mu canza maka kati kawai." Ka yi hattara. Visa tana da wani tsari mai suna Visa Account Updater, Mastercard kuma tana da Automatic Billing Updater. Aikinsu shi ne miƙa lambar sabon kati ga kamfanonin da ke cire kuɗi a kai a kai, don kada biya ya yanke idan tsohon kati ya ƙare. Ga wanda ke son ci gaba da rajistarsa, alheri ne. Gare ka kuwa, cirewar tana iya biyo ka har sabon katin. Don haka in za a canza, ka ce a toshe kamfanin da sunansa, kuma kada a miƙa masa sabbin bayananka.

Mu koma kan bankin nan na biyu. Idan bankinka ya karɓi ƙorafinka, daga wurin bankin kamfanin ake janyo kuɗin, shi kuma ya je ya nemi nasa a wurin kamfanin. In kamfanin ya mutu, asarar a kan bankin kamfanin take. Wannan ne dalilin da ya sa hanyar kati take aiki ko da babu kowa a ofis. Kwatanta da bin layin masu bin bashi idan kamfani ya karye: ana naɗa wanda zai tattara kadarori ya raba, ana fara biyan masu jingina da waɗanda doka ta fifita, kwastoma irinka kuwa yana can ƙarshen layi, sau da yawa tukunyar ta riga ta ƙare.

Sai dai akwai wa'adi, kuma galibi kwana 120 ne daga ranar kowace cirewa. Mu ɗauki misali. Wata mata tana biyan dala 12 a ranar 5 ga kowane wata don wasu darussa ta intanet. Shafin ya mutu a ƙarshen Maris, ba ta lura ba sai 20 ga Agusta. An cire mata sau biyar, daga Afrilu zuwa Agusta, dala 60 ke nan. In ta ƙirga kwana 120 baya daga 20 ga Agusta, za ta tsaya a 22 ga Afrilu. Cirewar 5 ga Afrilu ta faɗa waje, sauran huɗun suna ciki, wato dala 48. Da za ta ƙara jinkirin mako biyu da ƴan kwanaki, ta Mayu ma ta tafi.

Wane dalili za ta zaɓa a fom? A tsarin Visa, lamba 13.2 ta wanda ya soke rajista amma aka ci gaba da cire masa ce, lamba 13.1 kuma ta wanda ya biya bai samu abin da ya biya ba. Tun da ba ta soke ba a waɗancan watanni, 13.1 ce tata. Abin da bai kamata ta ce ba shi ne, "Ban san wannan cirewar ba, sata aka yi min." Ita ta ba da katin da hannunta, bayanan suna nan, kuma da an nuna su ƙorafin ya rushe.

Kafin ka bar banki, karɓi lambar ƙorafinka, ka tambayi kwana nawa za a ɗauka. In wa'adin ya wuce ba amsa, ko an ƙi ka ba da hujja ba, kai maganar ga hukumar da ke sa ido kan bankuna a ƙasarka, da wannan lambar a hannu. Sannan ka sa ido a ranar da aka saba cirewa har wata biyu ko uku, domin wani lokaci cirewar kan dawo da ɗan sauyi a sunan kamfanin, ta zille wa toshewar, kuma sai ka sake kai wa banki sabon sunan.