Ginshiƙan Shafi: Yadda Muka Daidaita Shafin Mai Turaren Wuta

Assalamu alaikum, 'yan uwa, barkanku da warhaka. Ina yi muku magana ne daga birnin Manchester a ƙasar Ingila, kuma kamar yadda kuke gani, ina cikin ɗakin da wata yayata take haɗa turaren wuta da humra, domin shafinta na Instagram zan yi muku misali da shi.

Lokacin da ta nemi in duba mata shafin, abin da na tarar shi ne yau hoton kwalba da farashi, gobe bidiyon bikin ƙawarta, jibi gaisuwar Juma'a, sannan a yi mako biyu ba a ji ɗuriyarta ba. Baƙon da ya shigo ba zai gane ko shago ne ko kundin hotunan iyali ba. Maganin wannan shi ne abin da masu tallata kaya a intanet suke kira ginshiƙai, wato batutuwa uku zuwa biyar da mai shafi zai zaɓa, ya ce duk abin da zai wallafa dole ne ya shiga ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu.

Mu ginshiƙai uku muka tsayar, domin ita kaɗai ce take haɗa kaya, take kai su gidan waya, take kuma amsa saƙonni. Na farko shi ne koyarwa, kuma ba daga kanmu muka ƙago shi ba, a cikin tambayoyin da masu saye suke aiko mata muka tsinto shi. Tambayar da ta fi maimaituwa ita ce yadda za a turara ɗaki a gidajen nan ba tare da na'urar gano hayaƙi ta fara ƙara ba. Daga wannan tambaya guda muka sami bidiyo a kan kaskon lantarki maimakon garwashi, da wani a kan yawan turaren da ya ishi ƙaramin ɗaki, da wani a kan turara tufafi. Na biyu shi ne aikin hannu, inda ake ganinta tana jiƙa itacen sandal, tana haɗawa, tana ɗurawa a kwalba. Wannan shi ne yake jawo amana, musamman ga wanda ba zai iya shinshina kayan ta waya ba. Na uku kuma shi ne ciniki kai tsaye: sabon kaya, farashi, da abin da masu saye suka ce bayan sun yarda a wallafa.

Sai muka raba mako. Tana wallafa abu huɗu: koyarwa ranar Litinin da Laraba, aikin hannu ranar Juma'a, ciniki ranar Asabar. A wata guda ke nan abu 16, takwas daga ciki koyarwa ne, huɗu kacal ne talla. Da gangan muka yi haka, domin a ganina shafin da kullum yake cewa "ku zo ku saya" yana gajiyar da mutane da wuri. Hoton biki da gaisuwa kuwa ba mu hana su ba, sai dai mun mayar da su Stories, inda suke ɓacewa bayan awa 24.

Akwai kuskuren da nake so sababbin shiga su kiyaye. Bidiyo ba ginshiƙi ba ne, haka ma hoto. Waɗannan siffofi ne kawai da ake zuba batu a cikinsu. Sannan kada ginshiƙi ya yi faɗi da yawa. Da farko yayata ta so ta saka "rayuwata a Turai", na ce mata a'a, saboda babu abin da ba zai shige ta wannan ƙofar ba, kuma da mun koma gidan jiya. Kada kuma ya yi ƙunci. Gwajin da nake yi shi ne in ɗauki biro in rubuta kanun batutuwa goma a ƙarƙashinsa a zama ɗaya. Idan na tsaya a na huɗu, to batu ne guda, bai kai ginshiƙi ba.

Bayan wata guda, a buɗe Insights, wato sashen alƙaluma da shafin kasuwanci yake da shi a Instagram, a auna kowane ginshiƙi da aikinsa. Koyarwa ana auna ta da yawan waɗanda suka adana ko suka tura wa wasu, ciniki kuma da saƙonnin masu tambayar kaya. Kada a rushe ginshiƙin ciniki don bai sami yawan masu danna alamar so ba, domin ba don wannan aka kafa shi ba. Wanda ya kasa aikinsa wata biyu ko uku a jere, shi za a sauya, kuma ɗaya bayan ɗaya, don a san abin da ya kawo canjin.

Yanzu ga garwashi ya kama, bari mu ɗauki bidiyon ranar Juma'a.