Zango Nawa Ne Daga A Zuwa F?

A ce akwai taswira a gabanku. Mu share duwatsu da koguna da duk lanƙwasar titi. Kowane gari ya zama ɗigo, kowane titi ya zama zare da ya haɗa ɗigo biyu. Abin da ya rage shi ake kira giraf.

Garuruwanmu bakwai ne. A na haɗe da B da C. B da C duk suna da titi zuwa D. Daga D akwai titi zuwa F. C kuma yana da wani titin zuwa E, E zuwa G, G zuwa F. Muna A, F muka nufa, kuma kowane titi zango ɗaya ne.

Dabarar neman hanya mafi ƙarancin zango da ake kira BFS, wato breadth-first search, tana tafiya ne kamar yadda ruwa ke yin da'ira idan aka jefa tsakuwa. Ba ta kai ga na nesa sai ta gama da na kusa. Layi ake kafawa, wanda ya riga zuwa shi ake fara sallama.

A ya shiga layi da lamba 0, domin lambar kowane gari ita ce yawan zangonsa daga A. Mun fitar da shi, maƙwabtansa B da C suka shiga da lamba 1. Sai B. Shi ya kawo D, lamba 2, muka rubuta cewa ta B aka zo D. Da aka zo kan C, ya tarar an riga an yi wa D alama, sai ya ƙyale shi, ya kawo E da lamba 2.

Ku lura da alamar nan sosai, domin a nan masu koyo suka fi tuntuɓe. In ba a yi ta ba, A zai kawo B, B ya sake kawo A, layi ya yi ta tsawo ba ƙarshe. Da zarar gari ya shiga layi, nan take ake yi masa alama.

Yanzu D ya fito, ga F da lamba 3. Mu bi sawu da baya: F, D, B, A. Zango uku. Babu hanyar da ta fi wannan ƙarancin zango, don da akwai mai zango biyu, da F ya bayyana tare da D da E.

Sai dai fa zango BFS ke ƙirgawa, bai san kilomita ba. A ce titin D zuwa F kilomita 200 ne, sauran duk 20. Hanyarmu ta zama kilomita 240, alhali ta C, E da G, mai zango huɗu, 80 ce kacal. Idan tsawon titi ne damuwarku, dabarar da masanin kwamfuta Edsger Dijkstra ya wallafa a 1959 za ku nema.