Darasi: Yadda iyakoki suke shiga lissafin MPC, da misalin tankin ruwa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau MPC za mu taɓa, wato salon sarrafa na'ura inda kwamfuta take hasashen abin da zai faru nan gaba kafin ta ba da umarni. A matatun mai aka fara cin moriyarsa sosai, tun shekarun 1970, domin can kowane bawul da kowace tukunya suna da iyakar da ba a tsallakewa. To iyakokin nan su ne darasinmu, kuma tanki ɗaya tak za mu riƙe har mu gama.

Ku dubi allo. Ga tanki, ga famfo yana turo ruwa, ga mutane suna ɗiba ta ƙasa. Tsayin ruwa shi ne `h`, da santimita. Abin da famfo yake ƙarawa a minti ɗaya shi ne `u`. Masu ɗiba suna rage santimita 2 kowane minti. Lissafin hasashenmu ke nan, inda `k` yake nufin lambar minti:

```
h(k+1) = h(k) + u(k) - 2
```

Yanzu ruwa yana kan 72, muna so ya kai 80, famfo kuwa yana kan 6, iyakar ƙarfinsa. Ga iyakokin:

```
0 <= u(k) <= 6
|u(k) - u(k-1)| <= 1
h(k) <= 81
```

Biyun farko na famfo ne, wato abin da muke shigarwa. Ba ya zuƙo ruwa baya, ba ya wuce 6, kuma ba a sauya gudunsa da fiye da 1 a minti guda. Na ukun na tsayin ruwa ne, abin da yake fitowa: kada ya haura 81.

Mai sabon koyo yakan ce, ai da sauƙi, in lissafi ya ba ni 9 sai in datse shi ya koma 6. Wannan yana kare famfo, gaskiya ne. Amma ruwan fa? Mu gwada mai sarrafawa da ba ya hangen gaba. Ya ba da 6, ruwa ya kai 76. Ya sake ba da 6, ya kai 80 cif. Sai ya so tsayawa, amma daga 6 ba zai iya sauka ƙasa da 5 ba. Ruwa ya tafi 83, sannan 85, sannan 86. Tun kafin ya ankara aikin gama ya gama.

MPC ba haka yake yi ba. A kowane minti yana zaɓen jerin umarni gaba ɗaya. Mu ce zangon hangensa minti 4 ne, `N = 4`. Abubuwan da yake nema su ne `u0`, `u1`, `u2`, `u3`, waɗanda za su sa jimillar `(h - 80)^2` ta mintuna huɗun ta zama mafi ƙanƙanta. A aikin gaske akan ƙara wa wannan jimilla wata tara ta hukunci a kan yawan motsa famfo, amma yau na cire ta don lissafi ya fito fili.

Iyakokin famfo suna shiga kai tsaye, tunda `u` ɗin ne muke zaɓa. Kowane ɗaya daga cikin huɗun yana tsakanin 0 da 6. Ku lura da `u0`: ana gwada shi da umarnin da aka riga aka ba famfo a mintin da ya wuce, wato 6, saboda haka ba zai yi ƙasa da 5 ba. Na sha ganin ɗalibai sun manta da wannan layi ɗaya, sai komai ya yi kyau a kwamfuta, a famfo kuwa umarni ya riƙa tsalle.

Iyakar ruwa ita ce ke buƙatar natsuwa. Ba ma zaɓen `h` da hannunmu, sai ta hanyar `u`. Don haka muna maimaita lissafin hasashe har sai kowane `h` na gaba ya koma jimillar `u`:

```
h1 = 70 + u0
h2 = 68 + u0 + u1
h3 = 66 + u0 + u1 + u2
h4 = 64 + u0 + u1 + u2 + u3
```

Kun gani? Cewa `h4 <= 81` daidai yake da cewa jimillar umarni huɗun kada ta wuce 17. Iyakar ruwa ta rikiɗe ta zama iyaka a kan famfo. Kuma lambar 17 ɗin daga awon yanzu ta fito, daga 72. In awo ya sauya, ita ma ta sauya, shi ya sa ake sabunta ta kowane minti. Duk layukan nan ake tarawa a siffar `A*u <= b` a miƙa wa manhajar warware lissafi, kamar `quadprog` a MATLAB ko OSQP.

To mu tambaya: famfo zai iya zama a kan 6 a wannan minti? Ko da mun bi shi da saukowa mafi sauri, 6, 5, 4, 3 ne, jimilla 18. Ta wuce 17, ruwa zai taɓa 82. An hana. Amsar da lissafi yake bayarwa ita ce 5.75, 4.75, 3.75, 2.75, jimilla 17 daidai. Ruwa zai bi 75.75, 78.5, 80.25, ya tsaya kan 81. Da mun cire iyakar ruwa, da 5.83 zai zaɓa, ya kai kusan 81.3. Abin da nake so ku riƙe shi ne, ruwa yana can 72, saura santimita 9 ya kai iyaka, amma an fara sassauta famfo tun yanzu saboda abin da aka hango a minti na huɗu.

Daga jerin nan 5.75 kaɗai muke aika wa famfo. Sauran ukun a ajiye su gefe. Bayan minti ɗaya a sake awo, a sake gina iyakoki, a sake warwarewa.

Yanzu inda ake samun matsala. Ku rage hange zuwa `N = 2`. A kan 72 ba ya ganin haɗari, ya ba da 6, ruwa 76. Sai ya ba da 5, ruwa 79. A minti na uku mafi ƙarancin abin da zai iya shi ne 4 sannan 3, wato 81 sannan 82. Babu jerin da ya cika sharuɗɗa, sai ku ga `infeasible` a allo. Dole zangon hange ya kai tsawon lokacin da na'ura take ɗauka kafin ta tsaya.

Ko da `N = 4` ɗin ma, a ce mutane sun rage ɗiban ruwa, awo ya nuna 76.2 maimakon 75.75. Saukowa mafi sauri za ta kai mu 81.45. Nan ma babu amsa, alhali famfo yana jiran umarni. Shi ya sa nake ba da shawara a bar iyakokin famfo da tsauri, tunda ƙarfe ba ya yin abin da ya fi ƙarfinsa, ita kuwa iyakar ruwa a yi mata sassauci:

```
h(k) <= 81 + s,   s >= 0
J = sum (h - 80)^2 + rho*s
```

A nan `s` shi ne adadin da ruwa zai haura 81, `J` ita ce jimillar da muke ragewa, `rho` kuwa nauyin tarar haurawar ne. Idan `rho` babba ne sosai, `s` zai zauna a sifili muddin akwai hanyar kiyaye 81, ba zai motsa ba sai dole ta kama. A misalinmu zai fito 0.45. Saboda haka kada ku sa 81 ta zama bakin tanki. Ku bar rata, a ce bakin yana 90. Ku riƙa zana `s` tare da `h` a duk gwajin da kuka yi. In kun ga yana yawan tashi daga sifili, ku fara duba lambar 2 ɗin nan ta masu ɗiban ruwa, sannan ku duba `N`.

Aikin gida: ku sa ruwa a 70, famfo a 6, `N = 4`, ku rubuta layukan `h1` zuwa `h4` da kanku, ku gano iyakar jimillar. Sai darasi na gaba, a huta lafiya.