Saƙo 34, Matsaya Biyu: Lacca Kan Taƙaita Doguwar Muhawarar Imel

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. A ɗan rage ƙarar na'urar nan, tana kuka.

An ba ni minti arba'in in yi magana kan yadda ake taƙaita dogon jerin saƙonnin imel tsakanin abokan aiki. Abubuwa huɗu zan faɗa: yadda ake karantawa, yadda ake gane matsaya, yadda ake fitar da aikin da aka ɗora wa kowa, sai tambayoyin da aka bari a buɗe. Huɗu na ce ko? Ku riƙe min lissafi, don ni ba na riƙewa.

Da labari zan fara. A wani wuri da na taɓa aiki, ba zan kama suna ba, manajanmu ya dawo daga tafiya ya ce min, "Malam, wannan maganar taron bitar ma'aikata, ina aka kwana?" Na buɗe akwatina na tarar da saƙo 34, mutum bakwai ne suka rubuta su, daga Litinin 3 ga wata zuwa Talata 11. Na yi abin da kowa ke yi, na tsallaka zuwa na ƙarshe. Me ke ciki? "Na gode." Shi ke nan. Kwana tara ana kai ruwa rana, ƙarshenta "na gode". Kuna dariya, ai kun san irinsa.

To, karatu. Daga na farko ake farawa, a bi kwanan wata, a ba kowane saƙo lamba. Karatu biyu nake yi. A na farko ba na rubuta komai, so nake kawai in san su wa ke magana, kuma wa ke da ikon yanke hukunci a cikinsu. A na biyu ne nake ɗaukar biro, in raba takarda gida uku: matsaya, ayyuka, da tambayoyi. Kuma ku sani ba lallai ne jerin da ke gabanku ya cika ba. A Gmail, idan wani ya sauya taken saƙon, ko saƙonni suka haura 100, jerin yakan rabu ya zama sabo. Saboda haka a bincika da kalmomin taken, ko akwai wani reshe da ya ɓalle. Wannan ya isa, mu je ga wanda ya fi ci min tuwo a ƙwarya.

Matsaya. Jama'a, yawancin taƙaitawar da ta lalace a nan ta lalace. Mutum ya ga shawara ya rubuta ta a matsayin hukunci. A jerin nan namu, saƙo na 6, jami'in horaswa ya ce, "Ina ganin mu yi taron ranar Juma'a 14." Mutum huɗu suka biyo baya: "Ya yi." "Ba laifi." "Na goyi baya." Ɗaya ma babban yatsa kawai ya turo. Idan kana sauri sai ka rubuta: an tsayar da 14. Amma a cikin huɗun nan wa ke da ikon tsayar da rana? Babu ko ɗaya. Goyon baya ne, kuma goyon bayan mutum huɗu bai zama hukunci ba sai mai wuƙa da nama ya yi magana.

Sai saƙo na 11, manaja da kansa: "Mu tafi da 14 idan kuɗin ya fito." Yauwa, ga mai iko ya yi magana. Matsaya ce? Wa ya ce e? Malam na gaba ya ce e. A'a, ranka ya daɗe, duba kalmar nan, "idan". Ƙaramar kalma, harafi huɗu, amma ita ce ta riƙe jimlar gaba ɗaya. Matsaya ce mai sharaɗi, kuma wanda ya taƙaita ya yar da sharaɗin ya yi ƙarya ko da bai yi niyya ba. Duk inda na ga "idan", ko "muddin", ko "sai dai in", zagaye su nake yi da biro, domin dole in bi jerin in ga ko sharaɗin ya cika.

Bai cika ba. Saƙo na 23, akanta ta ce kuɗin ba zai fito ba sai ranar 18. Kun ga 14 ta mutu ke nan, amma ba wanda ya yi mata jana'iza. Ba wanda ya rubuta "an soke 14". Har a saƙo na 26 wani yana tambayar ƙarfe nawa za a fara ranar 14.

Ina sabuwar ranar take? Na karanta 34 ɗin kaf ban gan ta ba. Sai a na 29, akanta ta rubuta, "To shi ke nan, zan shirya takardun biya." Shi ke nan me? Wa take amsa wa? A ƙasan saƙonta akwai ɗigo ukun nan da Gmail ke ɓoye tsohon rubutu a ciki. Na danna. Ga manaja: "A mayar da shi Juma'a 21." Ashe Reply ya danna maimakon Reply All, ita kaɗai ta samu. Da ta zo amsawa sai ta mayar da kowa cikin Cc, tana zaton kowa ya gani. Hukunci mafi girma a jerin nan ba ya cikin saƙo 34 ɗin, yana binne a ƙarƙashin ɗaya daga ciki. Ku danna ɗigo ukun nan. Na sake faɗa, ku danna su, musamman idan amsa ta zo ba ku ga tambayarta ba.

Tun daga ranar nake yi wa kowace matsaya tambaya uku. Wanda ya faɗa yana da iko? Akwai sharaɗi? Wani saƙo daga baya ya rushe ta? Sai ta tsallake ukun nan nake rubuta ta, tare da wanda ya yanke, da kwanan wata, da lambar saƙon. Kuma ina ambaton wadda aka rushe, a layi ɗaya: "An fara tsayar da 14, an sauya zuwa 21 saboda kuɗi." Me ya sa? Saboda akwai wanda ya daina karatu a saƙo na 11, har yanzu 14 ce a kansa. In ba ka ce masa ta mutu ba, zai ɗauka kai ne ka yi kuskure.

Shiru kuma fa? Wani ya rubuta, "Idan ba wanda ya ƙi, za mu rage mahalarta daga 40 zuwa 25." Ba wanda ya tanka. Ku kiyayi shirun imel, mai shirun wataƙila yana hutu, wataƙila bai buɗe ba. Wannan ta shiga gidan matsaya ne kawai saboda manaja ya ambaci "mutum 25 ɗin" daga baya. Da bai ambata ba, gidan tambayoyi za ta. A saƙo 34, matsaya biyu kacal: rana, da yawan mutane.

Na nawa muke? Na uku? To na biyu ne ya cinye lokacin. Mu yi sauri.

Ayyuka. Kowane aiki yana buƙatar mai yi, da abin yi, da wa'adi. Harshenmu yana da wata 'yar kalma mai daɗin ɓuya, "a". "Ya kamata a sanar da mai ba da horon." "Za a duba ɗakin taro." Wane ne wannan "a"? A wane sashe yake aiki? Ban taɓa ganinsa a takardar albashi ba, amma rabin aikin ofis a kansa yake. Wani saƙo ya ce a sanar da mai horon an sauya rana, kowa ya ɗauka wani ya yi, bawan Allah yana can yana shirin 14. Kada ka zaɓa wa aikin mai shi da kanka don takardarka ta yi kyau. Rubuta: "Ba a ɗora wa kowa ba." Wannan layin shi ne manaja zai fi gode maka a kai.

Sannan "gobe" da "jibi" da "mako mai zuwa", a mayar da su kwanan wata. Sakatare ya rubuta ranar Alhamis 6, "Gobe zan turo jerin sunaye." Gobensa Juma'a 7 ce. Ni ina taƙaitawa ranar 11, ban ga takarda a maƙale da kowane saƙo ba. Sai na rubuta: jerin sunaye, sakatare, wa'adi 7 ga wata, bai bayyana a jerin ba. Ku lura ban ce bai yi ba. Ƙila ya miƙa hannu da hannu. Abin da na gani na faɗa.

Tambayoyin da suka rage, dabarar mai sauƙi ce. Nemi alamar tambaya, ka bi kowace ka ga ko an amsa. Inda ake faɗuwa shi ne saƙo mai tambaya biyu. A na 15 an tambayi wane ɗaki, kuma ko ma'aikatan reshe za su zo ko ta bidiyo za su shiga. Aka amsa ta ɗaki, ta biyu ta nutse. Wasu tambayoyin ma ba su da alama, kamar "ban tabbata majigin yana aiki ba". Wannan tambaya ce da ta sa rigar bayani.

Na ga hannu a can. Bismillah, Hajiya. A ba ta makirufo.

"Malam, idan manaja ya yanke hukuncin a waya, ni na ji da kunnena, amma babu shi a imel ko ɗaya, in sa shi a taƙaitawar?"

Allah ya saka, Hajiya, wannan ta fi abin da na shirya rufewa da shi. Ki sa, amma kada ki cakuɗa shi da na jerin. Duk abin da ke gidan matsaya yana da lambar saƙo, wanda ya yi gardama zai iya buɗewa ya gani. Na waya ba shi da lamba, ke ce kaɗai shaidarsa. Gobe in manaja ya ce ba haka ya nufa ba, ke za a kama. Saboda haka ki ware masa layi, ki rubuta: "Ba ya cikin saƙonni. Bisa wayar da muka yi ranar kaza, manaja ya ce kaza." Sannan ki tura taƙaitawar cikin jerin nan ɗaya, ba sabon saƙo ba, ki sa sunansa a To, sauran a Cc, ki ce, "Ranka ya daɗe, a tabbatar min da wannan layin." Da ya amsa "haka ne", magana ta sami lamba, ta koma gidan matsaya.

"In bai amsa ba fa?"

To tana nan a gidan tambayoyi, da sunansa a gefenta. Ki sake tuntuɓarsa bayan kwana biyu, da wannan layin kaɗai, kada ki sake tura masa shafi guda. Shugaban zama yana nuna min agogo. Mutum ɗaya kuma, wancan mai hannu a sama tun ɗazu, miƙa masa.